Malam ya tambayi sana'ar da zai kama bayan ritaya: amsata game da turka raguna

"Bayan gaisuwa da fatan alheri, ɗana, ina sanar da kai cewa na ajiye alli bayan shekara 35 ina koyarwa, kuma an biya ni wani kaso na garatutina. Ina da fili a bayan gida, ƙarfina da saura, amma ban taɓa sayar da ko allura ba. Tunda kai ka daɗe a harkar kasuwa da kiwo, ina neman shawararka a kan ƙaramar sana'ar da zan fara, wadda ba za ta cinye ɗan abin da na samu ba."

Ranka ya daɗe, Malam. Bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah ya sanya albarka a wannan hutu, shawarata ita ce ka fara da turka raguna biyar na tsawon wata uku domin kasuwar Babbar Sallah, kuma kada kuɗin da za ka zuba a ciki ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke hannunka.

Na san abin da yawancin mutane za su faɗa maka shi ne ka buɗe kantin kayan masarufi a ƙofar gida. Ni ban goyi bayan haka ba, kuma dalilina kai ne da kanka. Rabin magidantan unguwarmu ɗalibanka ne, sauran kuma iyayen ɗalibanka ne, ga shi na san ba ka iya kallon idon mutum ka ce masa babu. Kanti irin wannan bashi ne ke kashe shi, mudun shinkafa yau, kwalbar mai gobe, har ranar da za ka duba kanta ka tarar babu kaya, aljihu kuma babu kuɗin sarin wani. Rago kuwa sau ɗaya ake sayar da shi, kuɗi hannu, kuma aikinsa na lura ne da kiyaye lokaci da rubuta lissafi, abubuwan da ka shekara 35 kana yi da rajistar aji.

Mutane suna ɗauka cewa ranar sayarwa ake cin ribar rago. A iya abin da na gani, ribar tana ƙulluwa ne tun a ranar da aka sayi abinci da ranar da aka sayi ragon, domin farashin ranar sayarwa ba a hannunka yake ba, waɗannan biyun kuwa suna hannunka.

Bari in fara da abinci, domin shi ake fara saye tun ba a ga rago ba. Shekarar Musulunci tana gaza ta bature da kimanin kwana 11, shi ya sa Babbar Sallah take matsowa baya kowace shekara. A 2024 an yi ta ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni, saboda haka a 'yan shekarun nan watanni ukun turka suna faɗawa ne a ƙarshen rani da tsakiyar bazara, lokacin da daji ya ƙone, harawa ta yi wuya, kowane mai dabba yana neman abin da zai ba ta. Wanda ya jira sai ya kawo raguna gida sannan ya shiga neman harawa zai saye ta a kan tsadarta mafi muni. Lokacin sayenta shi ne kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, sa'ad da ake cire gyaɗa ana roron wake, manoma suna neman kuɗi, dami kuma yana da arha. Ka zaɓi harawar da ta bushe da ɗanyen launinta da ganyenta a jiki. Wadda ruwan ƙarshen damina ya doka takan yi baƙi-baƙi tana warin ruma, ganyen ya kakkaɓe ya bar kara zalla, kuma ko kyauta aka ba ka ita ba ta da amfani ga ragon turke. Ka ɗora ta a kan rumfa ko a kan itatuwa, nesa da ƙasa saboda gara, a inuwa saboda rana tana cinye amfaninta. A lokacin ne kuma za ka tara kowar wake a buhuna. Dusa ce kaɗai ba na so a tara ta wata da watanni, domin takan yi tsutsa ko ta dunƙule, gara a riƙa sayen ta mako biyu ko uku.

Game da lokacin sayen ragunan, lissafin mai sauƙi ne. Daga farkon Ramadan zuwa farkon Zulhajji kwana 90 ne ko ƙasa da haka kaɗan, kuma a kwanaki goman farko na Zulhajji ake cinikin layya. Don haka ka shiga kara, wato kasuwar dabbobi, a ƙarshen Sha'aban ko makon farko na azumi. Kada ka wuce wata uku zuwa huɗu kana turka, saboda bayan nan ragon yana ci ne ba tare da ƙarin jikin da zai biya abin da ya ci ba.

Tumakinmu iri uku ne da za ka tarar a kasuwa. Akwai Balami, fari sol, mai tsayi da gantsararren hanci da dogayen kunnuwa, shi ne mafi girma kuma shi masu kuɗi suke nema. Akwai Uda, wanda gabansa baƙi ne ko ja, bayansa fari, kamar an raba shi da layi. Sai ɗan ƙasa, matsakaici, fari mai ɗigon baƙi a kewayen ido da kunne da baki. A zagayen farko ɗan ƙasa nake ba ka shawara. Kuɗin sayensa bai kai na sauran ba, yana da juriya, cinsa daidai ne, kuma masu sayensa sun fi yawa, domin malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci da ɗan kasuwar unguwa duk shi suke iya saye. Balami yana kawo kuɗi mai kauri, amma jarin guda ɗaya zai iya sayen 'yan ƙasa biyu ko fiye, idan kuma Sallah ta wuce yana hannunka, samun wanda zai saye shi da daraja sai an sha wuya.

Kasuwannin da ake samun zaɓi sanannu ne: Wudil ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis, Mai'aduwa ranar Lahadi. Na kan iyaka sukan fi arha saboda dabbobin da ke shigowa daga Nijar, sai dai kuɗin mota da wahalar hanya suna cinye bambancin idan raguna biyar kawai za ka saya. Kasuwa mafi kusa da kai ta wadatar.

Yadda ake duba rago shi ne abin da nake so Malam ya fi mayar da hankali a kai. Ka fara da baki. Tunkiya ba ta da haƙoran gaba a sama, a ƙasa suke, guda takwas. Na yarinta ƙanana ne masu kama da juna, idan dabba ta kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi sai biyun tsakiya su faɗi, manya masu faɗi su maye gurbinsu, wajen shekara biyu kuma su zama huɗu. Wanda kake nema shi ne mai manyan haƙora biyu, ko huɗu idan ya kama. Wanda bai fitar da ko ɗaya ba tsayi zai riƙa yi maimakon ƙiba, ga kuma shakkar ko ya cika shekarar da malamanmu na Malikiyya suke sharɗantawa ga ragon layya. Wanda haƙoransa suka cika takwas har suka fara zaizayewa ya tsufa, abinci ba ya kama jikinsa da sauri. Daga nan ka ja fatar idonsa ta ƙasa: idan cikin ja ne ko ruwan hoda, jininsa lafiya, idan fari ne fat kamar takarda, tsutsar ciki ta shanye shi. Ka duba hanci ko akwai majina, ka ɗaga wutsiya ka ga ko zawo ya ɓata wurin, ka sa a ja shi ya yi tafiya ka ga ko yana ɗingishi. Aibin da ke hana layya, kamar ido ɗaya, gurguntaka bayyananniya, yankakken kunne ko wutsiya, ko karyayyen ƙaho mai jini, ka fi ni saninsu, kuma duk wanda ke da ɗaya ka bar shi komai arharsa.

Ragon da ya dace da turke shi ne ramamme mai lafiya: ƙashi babba, ƙirji mai faɗi, baya mai tsawo, ido garau, amma yunwar rani ta zabge shi. Wannan za ka saya da arha ka cika shi da nama. Wanda ya riga ya yi ƙiba, wani ya riga ka cin ribarsa.

A nan zan ba ka labarin kuskurena, don kada ka maimaita. A shekarar da na fara, na sayi wani rago a hannun wani dillali saboda na ga cikinsa tim, na ɗauka ƙoshi ne. Wata biyu ina zuba masa dusa, sauran suna cika, shi kuwa cikin yana nan a kumbure, ƙashin bayansa yana ƙara fitowa, kashinsa ɗan kaɗan. Da na gaji na sa aka yanka, sai mahauci ya ciro daga tumbinsa wani dunƙulen leda da igiyar buhu da ya kusa cika ƙaramin bokiti. Ragon gari ne da ya saba kiwo a bola. Tun daga ranar ba na duban ciki, sai in ɗora hannu a gadon baya, bayan haƙarƙari, in ji kaurin naman da ke rufe ƙashi, sannan in danna cikin ta hagu in ji ko akwai wani abu mai tauri da ba ya motsawa. Akwai kuma masu ɗirka wa dabba ruwan kanwa ko na gishiri da safiyar kasuwa don cikinta ya cika, ita ma wannan dabarar hannu a gadon baya yana tona ta. A zuwan farko ka tafi da wanda ya san kara, ku yi maganar la'adarsa tun a gida, kuma ka bar shi ya yi tayi, domin da zarar an ga hularka da takalminka an san baƙo ne.

Idan sun iso gida, makonni biyun farko na jinya ne, ba na ƙiba ba. Rumfar kara ko ta kwano mai tsayi ta isa, a buɗe ta gefe don iska, kowane rago da turkensa da tazarar da ba za su kai ga juna da ƙaho ba, da kominsa na abinci, ƙasa kuma a bushe, a riƙa share ta kullum. Idan akwai wasu awaki ko tumaki a gidan, kada su haɗu da sababbin a wannan lokaci. A kwana biyun farko ka ba su harawa da ruwa kawai su huce gajiyar hanya. Sannan ka kira ma'aikacin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma ya ba su maganin tsutsar ciki, wanda yawanci albendazol ne, ya yi musu allurar ibamektin saboda ƙwarƙwata da ƙazuwa, ya kuma yi musu rigakafin cutar da ake kira PPR, wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato take sarrafa allurarta. Wannan cuta ita ce babbar barazana ga wanda ya kwaso dabbobi daga kasuwa. Alamunta zazzaɓi, zubar ruwa daga ido da majina, gyambo a cikin baki, tari da zawo mai wari, kuma tana iya bin garke gaba ɗaya cikin kwanaki. Ba ta da magani na kai tsaye, sai dai a taimaka wa dabbar da jinya, shi ya sa kuɗin rigakafinta bai kamata a yi ƙyashinsa ba. Ka sa a auna maganin daidai da nauyin kowane rago, kada a yi na ido.

Rago yana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na nauyinsa a yini. Mai kilo 30 ke nan zai ci kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Yadda nake rabawa shi ne harawa kamar giram 700, da haɗin dusa kamar giram 500, rabi da safe rabi da yamma. Haɗin kuwa dusar masara ko ta alkama kashi biyu, kowar wake kashi ɗaya, da ɗan ƙuli-ƙulin gyaɗa ko na angurya da aka daka, da ɗan gishiri. Ka sayi ƙaramin sikeli ka auna sau ɗaya, ka sami gwangwanin da ya yi daidai da awon, daga nan gwangwanin ya ishe ka. Sai dai ba a fara ba da giram 500 rana ɗaya. Ka fara da cikin tafin hannu, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har kwana goma zuwa sha huɗu, kuma kullum harawa ta riga dusa shiga ciki. Dalili shi ne tumbin dabbar da ta saba da ciyawa yana bukatar lokaci kafin ya saba da abinci mai gari. Idan aka cika masa dusa ko hatsi farat ɗaya, abincin yakan yi tsami a ciki, ragon ya daina ci, ya daina tuƙa, cikinsa ya kumbura, ya yi zawo mai tsami, wani lokaci kafin gari ya waye ya mutu. Haka yake faruwa idan ya tsinke igiya ya sami buhun masara a buɗe, ko idan yara suka juye masa ragowar tuwo da shinkafa don tausayi. Wannan sai ka gargaɗi mutanen gida da kyau.

Matsala ta biyu da dusa ke jawowa ita ce tsakuwar mafitsara, kuma raguna ta fi kamawa saboda hanyar fitsarinsu siririya ce. Za ka ga rago yana yunƙurin fitsari yana ɗigowa kaɗan ko babu, yana harbin cikinsa da ƙafa, yana niƙa haƙora. Wannan ba abin jira ba ne, a kira likitan dabbobi a ranar. Kariyarta ita ce kada dusa ta rinjayi harawa, kada a cika kanwa, kuma ruwa mai tsabta ya kasance a gabansu koyaushe, domin a zafin bazara rago ɗaya yana iya shan lita huɗu ko fiye. Abincin kaji kuma kada a ba su ko da ya rage a gida.

Alamar lafiya da za ka riƙa dubawa kowace safiya ita ce tuƙa. Ragon da ya kwanta yana tuƙa hankalinsa kwance, kashinsa ƙwaya-ƙwaya, lafiyarsa ƙalau. Wanda ya ware kansa, ya sunkuyar da kai, ya bar abinci a komi, yana gaya maka wani abu. Idan kiwo ya tafi daidai, ɗan ƙasa yana ƙara kimanin giram 100 zuwa 150 a yini, wato kilo 9 zuwa 13 a kwana 90. Ba sai ka ɗaga shi a sikeli ba: ka sami tef ɗin tela ka auna kewayen ƙirjinsa, daf da bayan ƙafafun gaba, duk ranar Juma'a, ka rubuta a littafi kowane rago da shafinsa. Wanda awonsa ya tsaya cik mako uku alhali yana ci, ka sayar da shi ga mai neman ragon suna, kada ka ci gaba da ciyar da shi don fata. Idan Sallah ta rage wata ɗaya, a daina allura da magani sai da larura, saboda kowane magani yana da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa waɗanda dole su wuce kafin a ci naman.

Yanzu ga lissafi. Alƙaluman nan na misali ne don ka ga yadda ake auna abin, ranar da za ka shiga kasuwa sai ka sauya su da farashin da ka tarar. Mu ɗauka ka sayi raguna biyar a kan naira 120,000 kowanne, ya kama 600,000. A kwana 90 za su ci haɗin dusa kilo 225, mu sa masa 68,000, da harawa kilo 315, wadda idan an saye ta da kaka mu ce 47,000. Magani da rigakafi 15,000, mota da la'ada da kuɗin kasuwa 25,000, yaron da zai taya ka shara da ɗiban ruwa 30,000. Jimilla 785,000, wato kowane rago ya tsaya maka a kan 157,000, ban da kuɗin rumfa da ake kashewa sau ɗaya. Idan ka sayar da kowanne 200,000, ka sami miliyan ɗaya, riba 215,000. To, amma idan ɗaya ya mutu, huɗun za su kawo 800,000, ribar ta koma 15,000 kacal. Idan a kan haka kuma harawar a bazara ka saye ta a ninkin kuɗinta, ka yi asarar 32,000. Haka nan idan duk sun rayu amma an yi maka tsadar 20,000 a kan kowanne ranar saye, kusan rabin ribar ya tafi tun ba ka bar kara ba. Wannan lamba ta 157,000 ita ce za ka riƙe a ka, domin ita ce ke gaya maka tayin da za ka ce albarka da wanda za ka sallama.

Farashin Sallah kuwa ba wanda ya isa ya yi maka alkawarinsa. A 2025 hukumomin Nijar sun hana fitar da dabbobi ana gab da Sallah, raguna suka yi tsada a kasuwanninmu. Wata shekarar kuma akan cika kara da dabbobi, albashi bai fito ba, jajibiri ya zo masu raguna suna neman wanda zai taya. Saboda haka ba na son jiran daren ƙarshe. Tun Zulƙida ka sanar da abokan aikinka na da da mutanen masallaci cewa kana da raguna, su zo gida su gani. Sayarwa a gida tana hutar da kai kuɗin mota da la'ada, kuma a nan sunanka zai yi maka aiki, domin mutane sun san ba za ka ɓoye musu aibi ba. Amma sharaɗin ɗaya ne: wanda ya zaɓi rago ya biya cikakke kafin ya kwance shi daga turke. Wanda ya ba da kafin alƙalami, a rubuta ranar da zai cika, da kuɗin ciyarwa idan zai bar shi a wurinka har Sallah. Za a zo maka da zancen "idan an yi albashi", kuma mai faɗin haka zai kasance wanda kake jin nauyinsa. Idan ka ga ba za ka iya ba, ka ce ragunan na haɗin gwiwa ne da ni, sai an tambaye ni, kuma don maganar ta zama gaskiya ina roƙon ka bar ni in sa kuɗin guda ɗaya daga cikin biyar ɗin.

Ya kamata in faɗa maka iyakar wannan sana'a. Ba ta kawo kuɗin cefane kullum, kuɗinka zai kwanta wata uku, na harawa ma fiye da haka, saboda haka fansho ne zai ci gaba da riƙe gida. Tana kuma ɗaure mutum, domin ba a yi wa rago tafiyar kwana uku sai an bar shi a hannun wanda aka amince da shi, ga ɓarayi da suke ƙaruwa idan Sallah ta matso, don haka katangar bayan gidan tana bukatar dubawa. Takin da za ka tara kuwa kada ka zubar, ka kai gona ko ka sayar wa masu lambu. Idan zagayen farko ya yi kyau, za ka iya yin na biyu da raguna uku domin masu suna, tunda haihuwa ba ta da lokaci, sannan a shekara ta gaba mu duba ko za a gwada Uda ko Balami guda ɗaya.

Abin da ya rage yanzu shi ne ka aiko mini da faɗi da tsawon filin, da nisansa da rijiya ko famfo. In Allah ya yarda zan shigo gida kafin a gama roron wake, mu je mu ga harawa tare, in kuma haɗa ka da wanda zai raka ka kara. Ina gaida Hajiya da sauran mutanen gida.

Naka, ɗalibinka.